Bayan an wuce da makaho gaban layi, mutum nawa suka san wa ya zaɓa?

1/ Duk sanda aka ɗauko maganar masu buƙata ta musamman da zaɓe, amsar da ake fara bayarwa ita ce: "Ai ba sa bin layi." An ba su gaba, shi ke nan, an sallame su. Ni tambayata daban ce. Bayan an wuce da makaho gaban layin, mutum nawa ne suka san jam'iyyar da ya dangwala wa? Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ra'ayina tun daga farko, don kada a ce na yi ta zagaye: a Najeriya mun yarda naƙasasshe ya jefa ƙuri'a, amma har yanzu ba mu yarda ƙuri'ar ta zama sirrinsa ba. Ni da kai muna shiga akwalin dangwale mu kaɗai, mu fito mu faɗi abin da muka ga dama. Shi kuwa galibi sai wani ya gani, ko ya ji, ko ma ya dangwala masa.

3/ Sirri fa ba ado ba ne a zaɓe. Shi ne abin da ke ba ka damar karɓar taliyar ɗan siyasa ka yi godiya, ka shiga ka zaɓi wani. Shi ne ke ba matar aure damar saɓa wa mijinta ba tare da an yi rigima a gida ba. Wanda ke cin abinci a hannun wani ya fi kowa buƙatar wannan kariya, kuma shi ne muka fi cire wa ita.

4/ Mu fara da doka. Sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya faɗi abu biyu. Na ɗaya: makaho, ko wanda ba ya iya bambance tambarin jam'iyyu, ko mai wata naƙasa a jiki, yana da damar zuwa da mutumin da shi da kansa ya zaɓa, ya raka shi har wurin dangwale bayan an sanar da shugaban rumfa.

5/ Na biyu: wajibi ne INEC ta ɗauki matakin samar da hanyoyin taimako a rumfa, irin su rubutun makafi na birel, manyan haruffa, na'urori, mai fassara maganar hannu ta kurame, har da jefa ƙuri'a a wani wuri daban idan hali ya kama. A dokar 2010 cewa aka yi hukumar "tana iya" yin hakan. A 2022 aka mayar da shi dole. Wannan ci gaba ne, ba na musu.

6/ Ƙa'idojin INEC sun ƙara da cewa mai rakiyar ba zai zama wakilin jam'iyya ba. Sannan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2010, kuma sashe na 29 nata ya ambaci ƙuri'ar sirri ƙarara. A takarda dai ba mu da laifi sosai. Matsalar tana farawa ne daga bakin ƙofar makarantar firamare.

7/ Sirrin nan yana yoyo ne ta wuri 3: yadda aka shimfiɗa rumfar, mutumin da ya yi rakiya, da kayan aikin da aka ce an tanada. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauko rumfar unguwarku ku ajiye a zuciya, ku riƙa gwadawa da abin da zan faɗa.

8/ NA FARKO: SHIMFIƊAR RUMFA.
Najeriya na da rumfunan zaɓe 176,846. Da yawansu a harabar firamare suke, ko ƙofar gidan mai unguwa, ko gindin bishiya, ko bakin titi. Ba don zaɓe aka gina wuraren ba, aro ake yi na yini ɗaya. Masu aikin kuma, yawanci 'yan bautar ƙasa, suna isowa da safe su kafa tebur inda suka ga inuwa.

9/ A ce wata baiwar Allah ce da shan inna ya taɓa ƙafafunta, tana amfani da keken guragu. Tun kafin ta iso an fara. A zaɓen 2023 'yan sanda sun hana zirga-zirgar ababen hawa daga 12 na dare zuwa 6 na yamma. Ni wannan hutu ne, in taka da ƙafa. Ita kuwa ba A Daidaita Sahu, ba mashin, sai dai ta tura keke da hannu cikin yashi.

10/ Ta iso, sai kwata a bakin ƙofar makarantar, an gicciya katako guda. Ta wuce wannan da taimakon samari. Sai ga shi an kafa akwalin dangwale a kan barandar aji saboda rana, kuma barandar tana da matakala 2. A ce kowace santimita 15 ce, tsayin ya zama 30 ke nan. Ga mai ƙafa taku biyu ne kawai. Ga mai keke katanga ce.

11/ Akwai ma'aunin da masu gini suka sani: duk tsayin santimita 1 yana buƙatar gangare mai tsawon santimita 12. To tsayin 30 yana buƙatar gangaren santimita 360, wato mita 3.6. Allon da ake jinginawa mai tsawon mita ɗaya ba gangare ba ne, tarko ne. Keke zai iya kifewa da ita ta baya, jama'a suna kallo.

12/ Me ke faruwa a zahiri? Ɗaya daga cikin abu biyu. Ko majiya ƙarfi su ɗaga ta da keken gaba ɗaya, su kuma tsaya a kanta suna jiran su sauko da ita. Ko shugaban rumfa ya ji tausayi ya ce, "Hajiya zauna a nan, a kawo miki." A kawo takarda da tawada, ta dangwala a kan cinyarta, a tsakiyar fili.

13/ Kowa a wurin zai tafi gida yana jin ya yi aikin lada. Amma wakilan jam'iyyu sun gani, na layi sun gani, mai raba kuɗi da ke tsaye a gefe ya gani. An taimake ta, an kuma tona ta a lokaci guda. Irin wannan ba ya shiga rahoton maguɗi, domin ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya fasa akwati.

14/ Ko da akwalin yana ƙasa, akwai maganar tsayinsa. An yi shi ne don mai tsayuwa. Wanda ke zaune yana buƙatar tebur mai tsayin kamar santimita 75, da sarari a ƙarƙashi inda gwiwa za ta shiga. In ya fi haka, sai ta miƙa hannu sama tana lalube, ko ta sauko da takardar ƙasa da inda allon ke karewa. Wanda ke jan jiki a ƙasa kuwa ba a ma lissafa da shi ba.

15/ Abin haushin shi ne gyaran nan kusan kyauta ne. A kafa komai a ƙasa mai faɗi da tauri. A bar hanya mai faɗin kamar santimita 90 daga teburin tantancewa zuwa akwali zuwa akwatin ƙuri'a. A bar filin juyawa na santimita 150. A ɗauko bencin rubutu ɗaya daga aji, a kewaye shi da kwali, a juya bayansa ga jama'a. An samu wurin dangwale na mai zama.

16/ A sauke akwatin ƙuri'a inda hannunta zai kai, don ita za ta jefa da kanta. Da zarar ta miƙa wa wani ta ce "saka mini", takardar ta bi ta hannu na biyu. Ba kwangila ake buƙata a nan ba. Minti 10 ne na tunani kafin a buɗe rumfa da 8:30, da kuma horon da ya gaya wa ɗan bautar ƙasa cewa wannan ma aikinsa ne.

17/ Af, kada a manta: dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ka je ka duba makarantar da kake zaɓe a ciki, ka dawo ka ba mu labari.

18/ NA BIYU: MAI RAKIYA.
Nan ne maganar ta fi zafi. Mu a nan makaho da ɗan jagoransa abu ne da ido ya saba da shi, shi ya sa ba mu ganin komai a ciki. Sai mu ce ai ɗansa ne, ai 'yarsa ce, wa zai cuci mahaifinsa? To mu bi abin a hankali mu gani.

19/ A ce wani Baba makaho ne ya zo zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 tare da ɗan ƙaninsa. An tantance shi da na'urar BVAS. An miƙo takardu 3: ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Ga yatsunsa duka ukun takarda ce kawai mai santsi. Bai san wacce ce wacce ba, bai san sama ba, bai san ƙasa ba.

20/ Sun shiga akwali. Dole Baba ya faɗi sunan jam'iyya da baki, har sau 3. Akwalin nan ba ɗaki ba ne, allo ne a fili. Idan taku kaɗan ne tsakaninsa da inda wakilan jam'iyyu suke, kuma Baba irin dattawan nan ne masu ɗaga murya, to an gama. Yoyo na farko ke nan, tun ba a taɓa tawada ba.

21/ Sai yaron ya kama babban yatsan Baba, ya taɓa tawada, ya ɗora a wani gurbi ya ce, "Baba an yi." Tambaya: ta yaya Baba zai tabbatar? Babu hanya. Ba zai iya kiran wani ya duba masa ba sai ya ƙara tona kansa. Waya ma an hana shiga da ita wurin dangwale tun zaɓen gwamnan Osun na 2018, saboda masu sayar da ƙuri'a.

22/ Wato ƙuri'ar Baba ta rataya ne kacokan a kan amanar mutum ɗaya. Idan yaron ɗan a-mutun wata jam'iyya ne fa? Idan an ba shi dubu biyu a bakin ƙofa fa? Ba ina cewa kowane ɗan jagora maci amana ne ba, wallahi yawancinsu mutanen kirki ne. Amma ba a gina zaɓe a kan "ai ba zai yi ba". Da haka ne, da ba a ƙirga ƙuri'a a gaban wakilai.

23/ Kuma ko yaron ya riƙe amana, ya dai sani. Zai koma gida da sanin. Idan mai gidan da ke ciyar da Baba yana tare da wani ɗan takara, kana ganin Baba zai iya furta wani suna daban a kunnen yaron gidan? Ba sai an yi masa barazana ba. Kunya da tsoron gobe sun isa su zaɓa masa.

24/ Sashe na 54 da kansa bai faɗi shekarun mai rakiya ba, bai sa shi rantsuwa ba, bai kuma faɗi mutum nawa zai iya rakawa ba. Ka kwatanta da Kenya: a can mai rakiya sai ya kai shekara 18, sai ya cike takardar alƙawarin riƙe sirri, kuma mutum ɗaya kacal zai taimaka wa a zaɓen.

25/ Me ya sa iyakar mutum ɗaya take da amfani? Saboda tana kashe sana'ar "mai taimako". Idan ka ga saurayi ɗaya ya raka makaho, ya dawo ya raka tsohuwa, ya dawo ya raka mai shanyewar ɓarin jiki, to ba ɗan uwan kowa ba ne, aiki aka ba shi. Mutum ɗaya ya jefa ƙuri'a 4 ko 5 da yatsun wasu, kuma BVAS ba za ta taɓa kama shi ba, don kowanne an tantance shi daidai.

26/ Kada a fahimce ni a baibai, ban ce a soke rakiya ba. Wanda ba shi da hannaye, ko wanda jikinsa ke rawa sosai, ko dattijon da ya ce shi 'yarsa yake so, haƙƙinsu ne, ba mai taɓa shi. Abin da nake cewa: rakiya ta zama abin da mutum ya zaɓa bayan an nuna masa wata hanya. Idan ita kaɗai ce hanya, tilas ce aka yi wa kwalliya.

27/ NA UKU: KAYAN AIKI.
INEC tana da kaya 3 da aka fi sani. Gilashin ƙara girman rubutu don zabiya da masu raunin gani. Fasta mai lamba EC30E da ke nuna wa kurame matakan zaɓe a rubuce da zane. Sai jagorar birel, wadda aka fara amfani da ita a zaɓen Osun na 2018. Ƙungiyoyi irin su Inclusive Friends Association da gidauniyar zabiya ta Jake Epelle sun daɗe suna matsa lamba a kan waɗannan.

28/ Ita jagorar birel kamar jaka ce ta kwali. Ana zura takardar ƙuri'a a ciki. A jikinta akwai sunayen jam'iyyu da ɗigogin birel, kusa da kowane suna kuma an huda taga daidai gurbin dangwale. Makaho ya shafa, ya sami jam'iyyarsa, ya sa yatsa ta tagar. Shi kaɗai, ba ya gaya wa kowa. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Amma tana da iyakoki.

29/ Iyaka ta farko: sai wanda ya koyi birel. Wanda ya yi makarantar makafi irin ta Gindiri a Filato zai karanta. Amma wanda hawan jinin ido ko yanar ido ko ciwon suga ya makantar yana da shekara 60 fa? Bai taɓa shafa ɗigon birel ba a rayuwarsa. Ka miƙa masa jagorar, kamar ka miƙa mini jaridar Sinanci ne.

30/ Ga hanyar fita: ƙirga. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 jam'iyyu 18 ne. In ka jera su bisa haruffa, APC ce ta 6, LP ta 11, NNPP ta 12, PDP ta 14. Wanda bai iya birel ba zai iya ƙirga tagogi daga sama da yatsa, in dai an gaya masa jerin tun kafin ranar. Ghana ta daɗe tana amfani da irin wannan jaka ta shafawa, inda matsayin ɗan takara a jeri shi ne jagora.

31/ Amma wa ya gaya wa Baba jerin? Nan ne gidajen rediyo ya kamata su shigo. Makonni kafin zaɓe a riƙa karanta jerin da Hausa, da lamba, jam'iyya bayan jam'iyya, ba fifiko. A kai samfurin jagorar wurin sarkin makafi da ƙungiyoyinsu, mutane su gwada da hannunsu. Ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife.

32/ Iyaka ta biyu: zama daidai. Idan takardar ta goce a cikin jakar da layi ɗaya, mai nufin ta 12 zai dangwala wa ta 11 ko ta 13. Idan ta goce da rabin layi, yatsan zai hau kan iyakar gurbi biyu, a wajen ƙirga a yi ta gardama, ƙila a ce ta lalace. Shi kuma ya tafi gida da murna bai sani ba.

33/ Maganin wannan a wurin buga takarda yake. A yanke kusurwa ɗaya ta takardar ƙuri'a, a yanke irinta a jikin jagorar. Da shafawa ɗaya makaho zai san sama da ƙasa, ya kuma san ta zauna daidai, ba sai ya dogara da wanda ya zura masa ba. Sannan kowace takarda da jagorarta, don jagorar shugaban ƙasa ba za ta yi aiki a kan wata takarda mai jeri daban ba.

34/ Iyaka ta uku ba a cika faɗarta ba: tawada. Yatsa mai jiƙaƙƙiyar tawada yana iya shafar bakin tagar. Idan makaho ɗaya ne a rumfar, ya mayar wa ma'aikaci jagorar da tabo a taga ta 14, ai ya faɗi abin da ya zaɓa ba tare da ya buɗe baki ba. Jagorar da ake iya gogewa, ko wadda ake amfani da ita sau ɗaya, ita ce za ta toshe wannan.

35/ Sai babbar tambaya: kayan ma suna isowa? INEC tana duba rajista ne ta ga inda ake buƙatarsu. A rajistar 2023 mai mutum 93,469,008, waɗanda aka rubuta a matsayin masu naƙasa 85,362 ne. Bai kai mutum 1 cikin 1,000 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da naƙasa mai tasiri.

36/ Ka raba 85,362 ga rumfuna 176,846, za ka ga bai kai mutum ɗaya a kowace rumfa biyu ba. Kai da ka san unguwarku, ka yarda da wannan? Dalilan a bayyane suke: wasu sun yi rajista tun kafin a fara kula da wannan tambaya, wasu daga baya naƙasar ta same su, wasu kuma ba sa son a rubuta su da sunan da ake yi musu gori da shi.

37/ Sai abin ya zama zagaye. Ba a rubuta Baba ba, don haka ba a aiko jagora rumfarsa ba. Ba jagora, sai ya dogara da yaro ko ya zauna a gida. Ya zauna a gida, sai a ce ai babu makafi a nan. Akwai fom mai lamba EC40H da shugaban rumfa zai cike da bayanin masu naƙasar da suka zo. Idan an bar shi fanko, zaɓe na gaba ma haka za a yi.

38/ Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Ƙasar da ake sace akwati, kai kana maganar tsayin tebur." Na ji. Amma mai sayen ƙuri'a abu ɗaya yake nema, tabbacin cewa an dangwala masa. Rumfar da ake dangwale a cinya, ake kuma barin mutum ɗaya ya raka biyar, ta ba shi wannan tabbaci a ɓagas. Maganar ɗaya ce.

39/ Wasu kuma za su ce kuɗi. Jagorar kwali ɗaya da gilashi ɗaya a kowace rumfa, kusa da na'urar BVAS da aka kai kowace rumfa, nawa ne? Hukumar da ta iya kai na'ura ta iya kai kwali. Ni a ganina a daina jiran rajista ta nuna. A sa su cikin kayan kowace rumfa kamar yadda ake sa tawada, ko an san da makaho a wurin ko ba a sani ba.

40/ To ga abin da nake ganin ya kamata mu matsa a kai, 4 ne:
• Akwali mai tsayin mai zama a kowace rumfa, a kan ƙasa mai faɗi.
• Jagorar shafawa ga kowace takarda, da yankakkiyar kusurwa.
• Mai rakiya baligi, ya sa hannu kan riƙe sirri, mutum ɗaya kacal.
• Izinin abin hawa ranar zaɓe ga masu naƙasa.

41/ Kafin nan, ranar zaɓe in kana rumfa, ga alamomin da za ka gane an samu matsala: akwali a kan baranda ko bayan kwata, an fito wa mutum da takarda waje, mai rataye da katin wakilin jam'iyya ya bi wani ciki, fuska ɗaya tana ta rakiya, an tambayi jagorar birel ma'aikaci yana zare ido. Ka gaya wa shugaban rumfa cikin ladabi, ka sanar da masu sa ido.

42/ In kuma kai ne aka roƙa ka yi rakiya, ga ladabinta. Ku gama magana tun a gida, a tsakaninku. A akwali ka karanta jerin a hankali idan ya nema, kada ka ce "wannan ko?" kana nuna masa hanya. Ka tsaya ta yadda bayanka zai kare takardar. Ka jira tawada ta sha iska kafin a naɗe. Shi zai jefa da hannunsa. Ka fito ka manta abin da ka gani, ko Mama ce ta tambaya.

43/ Idan kana da mai naƙasa a gida, ka raka shi ofishin INEC na ƙaramar hukuma lokacin da ake rajista, a sabunta bayanansa, a rubuta irin naƙasar. Idan rumfarsa ta yi nisa da inda yake zaune yanzu, a nemi sauyi zuwa ta kusa. Wannan ba a yin sa ranar zaɓe, ana rufewa tun da sauran watanni.

44/ 'Yan uwa masu buƙata ta musamman da ke nan, ku kuka san inda takalmin ke matsa muku. Wanda ya taɓa amfani da jagorar birel, ta zauna daidai? Kurame, kun ga fastar a manne? Masu keke, ina aka kafa akwalin a rumfarku? Ku rubuto a ƙasa da sunan ƙaramar hukuma kawai, ba sai kun faɗi wa kuka zaɓa ba. Wannan naku ne ku kaɗai.